Giɓin da ke bayyana a zanen farashin hannun jari da safe

Ranar Laraba, 2 ga Fabrairun 2022, an tashi kasuwar hannun jari ta Nasdaq a Amurka ana sayar da hannun jari ɗaya na kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, a kan dala 323. Washegari da ƙarfe 9:30 na safe aka buɗe, sai ga cinikin farko a wajajen dala 245. A zaman kasuwar babu wanda ya saya ko ya sayar a kan 300, ko 280, ko 260. Wanda ya duba zanen farashin zai ga kyandir ɗin Laraba can sama, na Alhamis can ƙasa, tsakaninsu fili fetal. Wannan filin shi ne giɓi, abin da manhajojin ciniki ke rubutawa gap.

Dalilinsa ba boyayye ba ne. Kasuwa tana rufewa da ƙarfe 4:00 na yamma, labari kuwa ba ya kwana. Manyan kamfanonin Amurka sukan fitar da rahoton ribarsu na wata uku-uku bayan an tashi ko kafin a buɗe, don masu jari su samu sararin karantawa. A yammacin nan Meta ya sanar cewa adadin masu shiga Facebook kullum ya ragu, karo na farko a tarihinsa, kuma sauyin da Apple ya yi wa tsarin sirrin masu amfani da iPhone zai ci masa kuɗin talla kusan dala biliyan 10 a shekarar. Masu son sayarwa suka yi ta turo oda cikin dare, masu saye suka ja da baya.

Da safe kasuwa ba ta ɗorawa daga inda ta tsaya jiya. Gwanjo ake yi: a tara odar saye da ta sayarwa duka, a nemo farashin da zai ba da damar cinikin hannayen jari mafi yawa, shi ne farashin buɗewa. Duk wanda ya san kasuwar ƙauye mai ci mako-mako ya san wannan. Idan aka tashi buhun masara yana wani farashi, sannan ambaliya ta cinye gonaki a tsakiyar mako, ran kasuwa mai zuwa ba wanda zai fara taya shi daga tsohon kuɗi. Akwai ɗan ciniki da ake yi bayan rufewa da kafin buɗewa, amma mahalartansa kaɗan ne, kuma yawancin zane-zanen kullum ba sa nuna shi.

Wanda giɓi ya fi yi wa illa shi ne mai ganin ya riga ya kare kansa. A ce mutum yana da hannun jari 100 na Meta a ranar, ya kuma bar wa dillalinsa odar stop loss a kan dala 300, wato in farashi ya sauko nan a sayar. A lissafinsa, daga 323 iyakar asararsa dala 2,300 ce. Amma odar ba ta yi alkawarin farashi ba, alkawarin sayarwa kawai ta yi da zarar an kai 300 ko an wuce. Da aka buɗe a 245, a nan za a sayar masa, asarar ta zama kusan dala 7,800. Mai ciniki da kuɗin aro daga dillali, nasa ya fi muni, don asarar na iya zarce abin da ya ajiye.

Sai kuma maganar da ta zama ruwan dare a bakin 'yan kasuwa, cewa kowane giɓi sai ya cike, ma'ana farashi zai komo inda ya tsallake. Na Meta ya cike kuwa. Sai dai a duba hanyar da ya bi. A ranar ya rufe ƙasa da dala 238, faɗuwar kashi 26 cikin ɗari, darajar kamfanin ta zube da sama da dala biliyan 200 a yini guda. Daga nan ya ci gaba da gangarawa har wajajen dala 88 a watan Nuwamba. Bai sake taka 323 ba sai ƙarshen Yulin 2023, kusan shekara ɗaya da rabi. Wanda ya saya a 245 yana jiran cikewa, sai da ya ga kusan kashi biyu cikin uku na kuɗinsa sun narke kafin ya ga riba. Mutane nawa ne ke da wannan juriyar?

Wani kuma bai cike ba sam. A 24 ga Mayun 2023 Nvidia ya rufe a wajajen dala 305, sannan ya sanar cewa yana sa ran cinikin dala biliyan 11 a wata ukun da ke tafe, alhali masu nazari suna hasashen biliyan 7 da 'yan kai. Washegari ya buɗe a wajajen 385. Waɗanda suka ƙi saye suna jiran ya sauko 305 ba su ga ranar ba. A Yunin 2024 aka raba kowane hannun jarinsa gida goma, don haka a zanen yanzu wurin yana wajajen dala 30, nesa ƙwarai da inda farashin ya kai.

To me ya sa maganar ta samu karɓuwa? Domin galibin giɓin da ake gani ƙanana ne. Hannun jarin da ke kai-komo da kashi 2 cikin ɗari a yini, idan ya buɗe da tazarar rabin kashi ba tare da wani labari ba, kai-komonsa na yau da kullum ya isa ya shafe tazarar kafin azahar. Babu wani ƙarfi da ke jawo farashi zuwa filin, hanya ce kawai ta bi ta kansa. Tun a 1948 Robert Edwards da John Magee, a littafinsu kan nazarin zanen farashi, suka bambanta irin wannan giɓi na gama-gari da wanda ke fitar da farashi daga zangon da ya daɗe a ciki. Matsalar ita ce sau da yawa sai bayan abu ya wuce ake gane wane iri ne. Binciken Ray Ball da Philip Brown na 1968, da wasu da suka biyo baya, ya ma nuna cewa bayan rahoton riba mai ba da mamaki farashi yakan ci gaba da tafiya ta inda ya nufa na wani lokaci, akasin abin da mai jiran cikewa ke fata.

Saboda haka abin da ya kamata a fara tambaya shi ne me ya faru cikin dare. Idan labarin ya sauya ribar da ake sa ran kamfanin zai samu, kuma yawan cinikin ranar ya ninka na kullum, tsohon farashi ya rasa hujjarsa. Wani giɓin ma lissafi ne zalla: ranar da sabon mai saye ya daina cancantar rabon riba, farashi kan buɗe ƙasa da kusan adadin rabon.

Mai jari a kasuwar hannun jari ta Najeriya, NGX, ba zai ga tsalle irin na Meta a safiya guda ba, don ƙa'ida ta hana farashi hawa ko sauka fiye da kashi 10 cikin ɗari a rana. Wannan bai kawar da faɗuwar ba, rarraba ta kawai yake yi. Idan mummunan labari ya fito, hannun jarin na iya bugun iyakar kashi 10 yau, ya sake gobe, ya sake jibi, odar masu sayarwa jibge babu mai saye, kuma faɗuwa uku irin wannan a jere ta kai kashi 27 cikin ɗari.