Gudun Dutse a Cikin Rijiya: Abin da Ake Nufi da Iyaka a Lissafin Kalkulas

A ce an saki dutse cikin rijiya mai zurfin gaske. Da ya cika sakan biyu cif yana faɗuwa, wane gudu yake yi? Tambayar kamar mai sauƙi, amma akwai ƙura a cikinta. Gudu dai nisa ne a raba da lokaci. To a kan sakan biyu cif, ba gaba ba baya, dutsen bai ci wani nisa ba, lokaci ma bai shuɗe ba. Sifili ke nan a raba da sifili, wanda ba shi da amsa a lissafi. Duk da haka kowa ya san dutsen ba a tsaye yake ba.

Dabarar ita ce a bar wannan lokacin, a zagaya ta gefensa. Idan aka kau da kai daga turjiyar iska, nisan da dutse ke ci a mita ya kusa `5t²`, wato a ninka yawan sakan da kansa, a kuma ninka da biyar. A sakan biyu ya ci mita 20, a sakan uku mita 45. Tsakanin nan ya yi mita 25 cikin sakan guda. Sai dai wannan matsakaicin gudu ne, kuma ya zarce abin da muke nema, domin dutsen ƙara wuta yake yi yana tafiya.

Mu rage tazarar. Daga sakan 2 zuwa 2.1 ya ci mita 2.05, da aka raba sai gudun ya fito 20.5. Daga 2 zuwa 2.01, ya fito 20.05. Mu dawo ta baya kuma: daga 1.9 zuwa 2 ana samun 19.5, daga 1.99 zuwa 2 ana samun 19.95. Ta gaba lambobin suna sauka, ta baya suna hawa, duka sun nufi wuri ɗaya. Wannan lambar da suka dosa, wato 20, ita ce iyaka, ita ce ɗalibi zai tarar a littafi da alamar `lim`. Gudun dutsen a sakan biyu mita 20 ne a sakan guda.

A nan ne malamai da yawa ke cewa iyaka ita ce "abin da ake kusanta amma ba a kaiwa". A ganina wannan bayani yana ɓatar da ɗalibi. Lambobinmu suna kusantar 19 ma ta gaba ba tare da sun kai ba, me ya hana 19 zama iyaka? Abin da ya bambanta 20 shi ne babu kusancin da za a nema a rasa. Kamar ciniki ne da mai taurin kai: duk abin da ya taya, kana da amsa. Idan tazarar lokaci ita ce `h`, matsakaicin gudun yana fitowa `20 + 5h` daidai. In ya ce kada kuskure ya kai 0.001, sai ka ce a ɗauki tazara ƙasa da 0.0002. In ya ƙara matsewa, kai ma ka matse. Da 19 kuwa cinikin watsewa zai yi, domin kana rage tazara ratar ba ta taɓa rufewa.

Ba kullum ake samun iyaka ba. A ce zurfin rijiyar mita 20 ne kacal, ƙasanta kuma laka ce, dutsen ya kafe nan take. Ta baya lambobin na nan suna dosar 20, ta gaba kuwa sifili ne zalla. Ɓangarorin biyu sun saɓa, saboda haka babu iyaka a wurin. Shi ya sa duba gefe ɗaya kawai ganganci ne.

Kada wanda abin ya ɗaure wa kai ya raina kansa. Newton da Leibniz sun yi aiki da kalkulas tun ƙarni na 17 ba tare da tsayayyen bayanin wannan batu ba, har malamin falsafa George Berkeley ya yi musu raddi mai zafi a 1734. Sai a ƙarni na 19 Cauchy da Weierstrass suka daidaita zancen, kuma ƙa'idar da ake koyarwa yau a jami'a cinikin nan ne aka rubuta da alamomi.

Mai karatu, ɗauki biro ka gwada da sakan uku: auna daga 3 zuwa 3.1, sannan daga 2.9 zuwa 3, ka rage tazarar ka sake. In lambobinka ba su doshi 30 ta ɓangarorin biyu ba, koma ka duba rabawarka.