Mai ciwon suga da amai: me za a ci gaba da sha, me za a dakatar?

Idan kana da ciwon suga, ko kana kula da mai shi a gida, wataƙila ka taɓa jin wannan magana: "Tun safe ban ci komai ba, amai nake ta yi, don haka yau ba zan yi allura ba." A kunne maganar tana da ma'ana. Abinci ne ke kawo suga, to idan babu abinci, ina suga zai fito? Sai dai jiki ba haka yake aiki ba, kuma wannan lissafin ya kai mutane da dama gadon asibiti a sume.

Lokacin da cuta ta kama mutum, ko maleriya ce, ko taifot, ko gurɓataccen abinci, jiki yana ɗaukar abin a matsayin yaƙi. Sai ya saki wasu sinadarai, irin su kotisol da adirenalin, su kuma su umarci hanta ta zubo sugan da ta ajiye cikin jini. Sinadaran nan suna kuma rage wa insulin ƙarfi. Mai lafiya jikinsa zai ƙara samar da insulin ya daidaita abin. Mai ciwon suga ba zai iya ba. Shi ya sa za ka ga mutum ya wuni bai sa komai a baki ba, amma na'ura ta nuna 300.

Daga nan matsala ta biyu take farawa. Idan suga ya haura wajen 180 mg/dL, ƙoda takan fara zubar da shi cikin fitsari, shi kuma yana jan ruwa ya tafi da shi. Ga amai yana fitar da ruwa ta sama, ga fitsari yana fitarwa ta ƙasa. Ruwan jiki na raguwa, suga na ƙara taruwa a jini, fitsari na ƙara yawa. A zafin watan Afrilu na Gaya ko Ajingi, inda zufa ma take cin nata rabon, awanni kaɗan sun isa mutum ya bushe.

Abu na farko ke nan shi ne gwaji, domin ba a gane yawan suga da ido. Jiri, kasala da ruɗewa suna zuwa idan ya hau, suna kuma zuwa idan ya faɗi. A ranar rashin lafiya ka gwada duk bayan awa uku zuwa huɗu, har da dare, idan kuma kana kan insulin ko lambar tana hawa, ka mayar da shi duk awa biyu. Ka rubuta lokaci da lamba a takarda. Ka kuma duba wane ma'auni na'urarka take amfani da shi, saboda iri biyu ne a kasuwa: wata tana nuna mg/dL, wata mmol/L. Idan ka raba ta farko da 18 za ka samu ta biyu, wato 250 mg/dL daidai yake da kusan 14 mmol/L. Lambobi biyu za ka riƙe a ka. Ƙasa da 70 mg/dL (3.9 mmol/L) suga ya faɗi. Sama da 250 mg/dL (14 mmol/L) ya hau inda ake fargaba. Idan kuwa allon ya rubuta HI, suga ya wuce abin da na'urar take iya aunawa, sai asibiti kawai.

Yanzu mu zo kan magani, inda aka fi yin kuskure. Insulin ba a daina shi saboda amai. Idan babu shi, jiki ba ya iya amfani da sugan da ke yawo a jini, sai ya koma ƙona kitse. Ƙona kitsen yana haifar da wani sinadari mai suna kiton, wanda yake mayar da jini ya yi tsami. Kiton ɗin kansa yana jawo amai da ciwon ciki, ka ga mutum yana ganin amai ne ya hana shi allura, alhali rashin allurar ne ke ƙara masa aman. Mai nau'in ciwon suga na ɗaya zai iya shiga wannan hali cikin ƙasa da kwana guda. Yawan allurar zai iya canzawa, a ƙara ko a rage bisa abin da na'ura ta nuna, kuma likitanka ne zai tsara maka wannan tun kana da lafiya. Wannan ya fi muhimmanci ga masu amfani da gaurayayyen insulin irin Mixtard, domin akwai ɓangarensa mai saurin aiki da ke jiran abinci. Idan ka yi shi, dole wani abu mai suga ya shiga ciki, ko da ruwa-ruwa ne.

Ƙwayoyi kuwa labarinsu daban. Metfomin, wanda wasu suka sani da Glucophage, ƙoda ce take fitar da shi daga jiki. Idan jiki ya bushe ƙoda ta yi rauni, sai ya taru, kuma yana iya jawo wani nau'in tsamin jini mai haɗari. Don haka ana dakatar da shi idan ana amai ko gudawa kuma ruwa ba ya zama sosai. Haka ma magungunan hawan jini irin lisinofiril da losatan, da masu sa fitsari irin Lasix, da sababbin ƙwayoyin suga masu fitar da shi ta fitsari irin Jardiance da Forxiga. Na ƙarshen nan suna iya jawo kiton ko da suga bai hau sosai ba. Kada kuma a je kemis a sayo daikulofenak ko ibufurofen don ciwon jiki, suna ƙara wa ƙoda nauyi. Farasitamol ya wadatar. Sai gilibenkilamid, wato Daonil, wanda haɗarinsa ta ɗaya gefen yake: yana matsa wa jiki ya fitar da insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba, don haka yana iya faɗar da suga ƙasa warwas, musamman ga tsofaffi. Idan ba ka iya cin komai, a dakatar da shi a tuntuɓi ma'aikacin lafiya. Duk waɗanda aka dakatar ana komawa kansu bayan an yi kwana ɗaya zuwa biyu ana ci ana sha kamar kullum.

Batun ruwa, dabarar ita ce kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Idan ka kwankwaɗi kofi guda a tashi ɗaya, ciki zai dawo da shi. Ka jira kamar minti goma bayan amai, sannan ka riƙa kurɓa ɗaya ko biyu duk bayan minti biyar. Mafi ƙaranci shi ne rabin kofi a kowace awa, abin da ake so kuma ya kai lita biyu da rabi zuwa uku a yini, wato ledar fiya wata biyar zuwa shida. Wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda ciwon zuciya ko ƙoda, shi kada ya bi wannan lissafi, ya tafi asibiti da wuri.

Wane ruwa za a sha? Na'ura ce za ta faɗa. Idan suga yana sama, a sha zallar ruwa da romo marar maiƙo. Ruwan gishiri da sukari na leda da ake sayarwa a kemis ma ya halatta ga mai ciwon suga, domin abin da ke cikin lita guda giram 13.5 ne kacal na gulukos, ga shi yana mayar da gishirin da amai ya fitar. Idan suga ya sauko ƙasa da 180 kuma ba a cin abinci, jiki yana bukatar wani abu, misali koko ko kunu mai ruwa-ruwa, ludayi kaɗan duk awa. Idan ya faɗi ƙasa da 70, a jiƙa ƙaramin cokali uku zuwa huɗu na sukari a ruwa a sha, ko rabin kofin lemon kwalba, a sake gwaji bayan minti 15. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi ta gefe a nemi mota.

Bari mu ɗauki misali. A ce wani magidanci ne mai shekara 55 a wani ƙauye na Ajingi, yana shan metfomin safe da yamma, Daonil da safe, da lisinofiril. Bayan la'asar zazzaɓi ya rufe shi, ya yi amai sau biyu. Ƙarfe biyar ɗansa ya gwada shi, 230. Ya bar metfomin na yamma, ya fara kurɓar ruwan gishiri da sukari, ɗan kuma ya kai shi cibiyar lafiya mafi kusa a yi gwajin maleriya, domin amai alama ce, sai an nemo abin da ya kawo shi. Ƙarfe takwas suga 260, amma ruwa yana zama, ya yi fitsari, yana hira daidai. Aka ci gaba, aka matso da gwaji zuwa duk awa biyu. Ƙarfe goma 310, ya sake amai sau biyu, har maganin maleriyar ya dawo, harshensa ya bushe, yana amsa magana da ƙyar. A nan kulawar gida ta ƙare. Abin da yake bukata yanzu ƙarin ruwa ne ta jijiya, wataƙila da insulin na ɗan lokaci duk da bai taɓa yin sa ba, da allurar maleriya. A tafi Babban Asibitin Gaya a daren, da takardar lambobin da duk kwalayen magungunansa. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura shi Kano, Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Da a ce ƙarfe goma suga ya sauko 200 kuma aman ya tsaya, da sai a kwana ana gwaji, a ga ma'aikacin lafiya da safe.

Ka lura ba lamba kaɗai aka duba ba. Alamomin da ke cewa a tashi yanzu su ne: ruwa ya ƙi zama har awa huɗu, suga ya tsaya sama da 250 a gwaji biyu a jere, ko ya ƙi hawa sama da 70 bayan an sha sukari sau biyu, numfashi mai zurfi da sauri, warin baki kamar na ruɓaɓɓen 'ya'yan itace, ciwon ciki mai tsanani, fitsari ya ɗauke, ko magagi da ruɗewa. Idan kana da tsinken gwajin kiton na fitsari kuma ya nuna ++ ko fiye, shi ma hukuncinsa ɗaya. Mai juna biyu da mai nau'i na ɗaya kada su jira alamomin su taru. Mai zaune nesa da titi kuma ya yanke shawara da wuri fiye da na cikin gari, tun kafin dare ya raba abin hawa ya yi wuya, balle da damina.

A zuwanka asibiti na gaba, ka ɗauki magungunanka gaba ɗaya ka ce wa likita ya rubuta maka wanne za ka dakatar ranar amai, da yadda za ka yi da allurarka. Ka ajiye takardar wuri ɗaya da tsinken gwaji na ko-ta-kwana, ledar gishiri da sukari biyu, da ɗan ƙullin sukari, ka kuma nuna wa wani a gidan yadda ake amfani da na'urar, domin ranar da abin zai zo wataƙila ba kai za ka iya riƙe ta ba.