Salon shugaba ko halin da ake ciki: yadda ake kwatanta su a takardar jarrabawa

Akwai wata tambaya da ɗaliban fannin gudanarwa a jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha suka saba cin karo da ita: kwatanta ra'ayoyin salon shugabanci da ra'ayoyin da suka ce shugabanci ya danganta ne da halin da ake ciki. Tambaya ce mai kama da sauƙi, amma a nan ɗalibai da yawa suke zubar da maki. Ɗalibi zai cika shafi uku da sunayen masana da shekaru, ya jera wannan, ya jera wancan, ya ajiye biro yana murna. Malami kuwa ya karanta har ƙarshe bai ga inda aka ɗora ɗaya a kan ɗaya ba. Jerawa daban, kwatantawa daban. Kuma abin bai tsaya ga ɗalibai ba, domin duk mai shago ko shugabar makaranta da ke da mutane a ƙarƙashinta tana amsa wannan tambaya kullum, ko da ba ta taɓa jin sunan masanan ba.

Masu ra'ayin salo sun fara ne da kallon abin da shugaba yake yi. A 1939 Kurt Lewin da abokan aikinsa Ronald Lippitt da Ralph White suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi a Jami'ar Iowa ta Amurka, inda suka raba yara maza 'yan kimanin shekara goma zuwa ƙananan ƙungiyoyin aikin hannu. Wani jagora ya riƙa yanke komai shi kaɗai, wani ya riƙa shawara da yaran, wani kuma ya sakar musu mara. Ƙarƙashin mai kama-karya aiki ya yi yawa muddin yana tsaye a kansu, da ya fita daga ɗaki sai hannu ya yi sanyi. Ƙarƙashin mai shawara yaran sun ci gaba da aiki ko ba ya nan, kuma sun fi jin daɗin zama da juna. Waɗanda aka bari sakaka su ne suka fi kowa ƙarancin aiki. Daga baya, a 1964, Robert Blake da Jane Mouton suka zana wani jadawali mai ma'auni biyu, kowanne daga 1 zuwa 9: kula da aiki da kula da mutane. Hukuncinsu shi ne mai 9,9, wato wanda ya kai ƙololuwa a duka biyun, shi ne shugaban da ya fi, a ko'ina kuma a kowane lokaci.

Wannan "a ko'ina" ita ce mararrabar. Fred Fiedler ya fito da nasa ra'ayin a 1967 yana cewa babu salon da ya fi sai an san inda za a yi aiki da shi. Ya auna halin shugaba da wata dabara mai ban mamaki da ake kira LPC: a ce wa mutum ya tuna abokin aikin da ya fi wahalar aiki da shi a rayuwarsa, ya ba shi maki daga 1 zuwa 8 a kan siffofi kamar fara'a da haɗin kai. Wanda ya iya yaba wa irin wannan mutum, zuciyarsa tana kan dangantaka. Wanda ya kushe shi sarai, zuciyarsa tana kan aiki. Sannan Fiedler ya auna wurin aikin da abubuwa uku: jituwar shugaba da mabiya, yadda aikin yake a fayyace, da ƙarfin ikon kujerar. Ya ce mai fifita aiki ya fi cin nasara idan komai ya yi daidai ko idan komai ya lalace, mai fifita dangantaka kuwa ya fi a tsaka-tsaki.

Paul Hersey da Ken Blanchard, waɗanda suka fara bayyana nasu a 1969, sun juya ido ne ga mabiyi. Tambayarsu biyu ce: ya iya wannan aikin? Yana da niyya da ƙarfin gwiwar yin sa? Daga amsar shugaba zai zaɓi ɗaya cikin huɗu: ya ba da umarni dalla-dalla, ya koyar yana bayyana dalili, ya ja mutum cikin shawara, ko ya miƙa masa ragama.

Iyakar abin da ɗalibi yake buƙatar haddacewa ke nan, kuma bai kamata ya cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na amsarsa ba. Sauran takardar ta kwatanci ce, kuma hanya mafi inganci ita ce a ɗauko wuri guda a sa ra'ayoyin su yi magana a kansa.

A ce akwai wani kamfanin ɗinki a Kano mai teloli goma sha biyu, ya karɓi kwangilar kayan makaranta da za a miƙa cikin mako shida. Mai kamfanin ya naɗa sabuwar manaja, ya ba ta ikon ɗauka da sallama da rabon ladan ƙarin aiki. Telolin ba su yi maraba da ita ba, domin sun so a ba tsohon mai yanka, wanda ya shekara ashirin da almakashi a hannu. Ita kuma mace ce mai son aiki ya fita a kan lokaci, ba ta da yawan hira.

Blake da Mouton za su ce mata ta matsa zuwa 9,9: ta riƙe wa'adi da ƙarfi, ta kuma riƙe mutane da ƙarfi. Shawara ce mai kyau, amma da kamfanin na siminti ne ko asibiti, ita ɗin dai za su ba ta. Ba su tambayi ko su wane ne telolin ba.

Fiedler zai fara da lissafi. Jituwa ba ta da kyau. Aiki a fayyace yake, tunda akwai awo da samfuri da adadi. Iko yana da ƙarfi. Cikin gidaje takwas na jadawalinsa wannan shi ne gida na biyar, yanayin tsaka-tsaki, inda mai fifita dangantaka ya fi dacewa. Manajarmu kuwa mai fifita aiki ce, don haka ba su dace ba. A nan ne ɗalibai suka fi yin kuskure, sai su rubuta cewa Fiedler zai ce ta sauya salonta. Bai ce haka ba. A wurinsa hali zanen dutse ne, salon mutum ba riga ba ce da zai tuɓe da safe. Mafita biyu ce: ko a kawo wani manajan, ko a gyara yanayin ya dace da ita. Idan mai kamfanin ya sasanta ta da tsohon mai yanka, ko ya bar ta ta zaɓi waɗanda za ta yi aiki da su har jituwa ta samu, kamfanin ya koma gida na farko, inda irin halinta ya fi amfani. Ita ba ta sauya ko kaɗan ba.

Hersey da Blanchard ba za su kalli kamfanin a dunƙule ba, za su bi teloli ɗaya bayan ɗaya. Yaron da aka kawo makon jiya, wanda bai iya saita keke ba kuma yana tsoron ɓata yadi, umarni yake buƙata: ga inda za ka ɗora, ga faɗin da za ka bari, kawo in gani kafin ka ci gaba. Matashiyar da ke ɗokin koyon sa aljihu amma hannunta bai faɗa ba, a koya mata ana gaya mata dalili. Tsohon mai yanka ya iya aiki fiye da manajar kanta, abin da ya rasa shi ne niyya, saboda an tsallake shi. Idan ta tsaya a kansa tana nuna masa yadda ake riƙe almakashi, ta ƙara hura wuta. Abin da ya dace shi ne ta zauna da shi ta ce, "Baba, yaya kake ganin za mu raba yankan nan don mu cim ma wa'adi?" Telan da ya ƙware kuma yake aiki da zuciya ɗaya, a ba shi adadinsa a ƙyale shi. Sannan ma'aunin na aiki ne, ba na mutum ba: ranar da aka kawo sabon keken surfani mai kwamfuta, tsohon mai yankan nan ya koma ɗan koyo a kansa.

Yanzu kwatanci ya fito da kansa, kuma a kan tambayoyi uku yake. Shin akwai salo guda da ya fi? Masu jadawali sun ce akwai, sauran biyun sun ce babu. Shin shugaba zai iya sauyawa? Blake da Mouton sun ce zai iya ta hanyar horo, amma zuwa wuri ɗaya. Fiedler ya ce da wuya. Hersey da Blanchard sun ce dole ne, ko da sau huɗu a yini. Kuma mene ne "halin da ake ciki"? A wurin Fiedler yawan ikon da shugaba yake da shi a kan yanayin ne, a wurin su Hersey kuwa shirin mabiyi ne. Ɗalibin da ya lura cewa ra'ayoyin yanayi guda biyun sun saɓa wa juna kusan kamar yadda suka saɓa wa na salo, ya nuna ya fahimta. Ya kuma kamata ya faɗi inda suka haɗu: dukansu a kan ginshiƙai biyu suka tsaya, aiki da mutane.

Amsa ba ta cika sai an faɗi raunin kowanne. Gwajin Lewin a kan yara aka yi shi, a Amurka, a wurin wasan bayan makaranta, ba a kan magidanta masu neman abin sawa a bakin salati ba. Ma'aunin Fiedler ya sha suka cewa ba a fayyace ainihin abin da yake aunawa ba, kuma bai ce abin kirki a kan waɗanda makinsu ya faɗa tsakiya ba. Ra'ayin Hersey da Blanchard shi ya fi farin jini a wuraren horar da manajoji, amma binciken da aka yi don gwada shi bai goyi bayansa da ƙarfi ba, sai dai a kan sababbin ma'aikata, inda umarni yake da amfani a fili. Yana kuma ɗora wa shugaba nauyin gane matsayin kowa daidai. Idan manajarmu ta ɗauki fushin tsohon mai yanka a matsayin rashin iyawa, duk lissafinta ya rushe. Alamar kuskuren ba ta ɓuya: gwani ya daina kawo shawara, ko ɗan koyo ya yi ta ɓata yadi yana jin kunyar tambaya.

A ganina, wanda ya rubuta cewa ra'ayoyin yanayi sun kashe na salo bai yi adalci ba. Na salo ne suka ba mu sunayen abubuwan da shugaba zai iya yi, na yanayi suka ƙara tambayar yaushe da kuma ga wa. A kamfanin ɗinkin nan, Hersey da Blanchard sun fi amfani ga manajar da za ta shiga shago gobe da safe, Fiedler kuwa ya fi amfani ga mai kamfanin da ya naɗa ta, domin shi ne mai ikon sauya manaja ko gyara yanayi.

Ɗalibi, idan wannan tambaya ta fito, kafin ka rubuta sunan masani ko ɗaya, ka ɗauki minti biyar ka zaɓi wurin aiki guda da ka sani da mutanen cikinsa. Ka sa kowane ra'ayi ya ba da shawararsa a kan wurin, ka nuna inda shawarwarin suka rabu, sannan ka faɗi wanda ka zaɓa da dalilinka.