Hoton ɗaliba a ɗakin gwaje-gwaje

A makon kimiyya, malamai kan ce a zana fosta: a ɗauki hoton ɗalibi na gaske, a mai da shi matashin masanin kimiyya. Dabara ce mai kyau, domin yarinyar da ta ga fuskarta cikin farar riga tana iya yarda cewa wurin nata ne.

Sai dai fosta tana koyarwa ko ba a yi niyya ba. Mu ɗauki yarinya tana gwada ruwan lemon tsami da ruwan toka. Ruwan lemon tsami yana mai da shuɗiyar takardar litimas ja, ruwan toka kuma yana mai da jar ta koma shuɗiya. Idan mai zane ya juya launukan don ado, kowane yaro da ya wuce ya koyi kuskure. Haka in aka zana ta ba tabarau na kariya, ko gefen hijabinta yana lilo kusa da wuta. A cusa shi cikin rigar.

Kafin a taɓa hoton, a nemi izinin iyaye, kuma a tambayi yarinyar ita kanta. Cikakken sunanta bai kamata ya hau bango ba.