Keke Na Gudu, Aljihu Ba Komai: Lissafin Wani Shagon Ɗinki

Duk wanda ya ratsa layin teloli a Fagge ta Kano ana saura kwana goma Sallah, ya ga shadda jibge kan benci, ƙarar janareto ta hana a ji sallama, zai rantse masu shagunan nan sun gama da talauci. Amma a dawo bayan wata biyu, sai a tarar da wasunsu suna neman rancen kuɗin haya. Domin mu gane inda kuɗin yake zurarewa, bari mu buɗe littafin wani shago da muka ƙaga don darasi. Alƙaluman na misali ne, kowane tela ya sa nasa a gurbinsu.

Shagon yana da keke huɗu. Maigidan ne yake awo da yanka, teloli uku suna ɗinki ana biyansu a kan kowane kaya, ga yara biyu masu koyo. Mai kaya ne yake sayo shaddarsa daga Kantin Kwari, shago ya ɗinka masa kaftani da wando a kan N6,000.

A kan kowane saiti, telan da ya ɗinka yana karɓar N2,000. Zare da gam na wuya da maɓallai da zif da ledar sa kaya suna cin N700. Wibin da huda maɓalli N300, guga ma N300. Jimla N3,300 ke nan, saura N2,700. Wannan saurar ita maigidan yake kira riba, kuma daga nan ciwon ya fara. Ba riba ba ce tukuna, domin akwai masu jiran rabonsu a ciki waɗanda ba ruwansu da an yi ɗinki ko ba a yi ba.

Na farkonsu mai shago: haya N360,000 a shekara, wato N30,000 a wata. Sai janareto, mai shan lita uku a rana, wanda yake lashe kusan N70,000 a wata. Kafin a cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 lita ba ta kai N200 a farashin gwamnati ba, shi ya sa teloli da yawa ba su saba sa fetur a lissafi ba, har ya zama shi ne babban mai cin kuɗin shago suna kallo. Idan aka haɗa da kuɗin wuta, gyaran keke da allurai, abincin yara, haraji da kuɗin gadi, hidimar wata ta kai N160,000.

Akwai kuma ma'aikaci guda da ba a taɓa rubuta albashinsa ba, wato maigidan kansa. Da a shagon wani yake yanka, da biyansa za a yi. Mu ce N110,000 yake ɗiba a wata don cefane da kuɗin makarantar yara. Ashe shagon yana bukatar N270,000 duk wata kafin a fara maganar riba. Raba wannan da N2,700 ɗin da kowane saiti yake bari, sai ka samu 100. Sai an ɗinka saiti ɗari a wata sannan a tashi ba ci ba faɗuwa.

To nawa ake ɗinkawa? A watan azumi da watan da ake shirin Babbar Sallah, ana kwana a shago a fitar da saiti 180 kowane. Sauran wata goma kuwa, da ƙyar ake kai 60. A shekara saiti 960 ke nan, wato 80 a wata idan an baje. Hidimar shekara N3,240,000 ce. Idan aka raba ta a kan saiti 960, kowanne ya ɗauki N3,375. A ɗora a kan N3,300 na farko, ainihin abin da saiti guda yake ci ya zama N6,675. Maigidan yana sayar da aikin N6,675 a kan N6,000. Duk kaftanin da ya fita daga shagon ya tafi da N675 daga aljihunsa, a shekara N648,000.

Me ya sa bai gani ba? Kafin alƙalami ne ya rufe masa ido. Lokacin Sallah mutane suna ajiye rabin kuɗi, aljihu ya cika, sai ya biya tsohon bashin mai zare a Ƙofar Wambai da kuɗin aikin da bai ko yanka ba. Ranar da za a ɗinka kayan, babu na fetur, sai a jira wani ya kawo sabon ɗinki. Daga nan saɓa alkawari yake farawa, a yi ta cewa «Alhaji, a yi haƙuri a dawo jibi.» Alamomin wannan ciwo a fili suke: haya tana zuwa kamar ba a san da ita ba, keke ya lalace ya yi sati a jingine, kuma ƙwararren tela ya tattara almakashinsa ya koma shagon da ake biya a kan lokaci. Ga kayan da aka gama masu su ba su zo da ciko ba, suna rataye suna shan ƙura, alhali an riga an biya wanda ya ɗinka.

Da aka ba shi shawarar ya mai da ɗinki N7,500, cewa ya yi: «Maƙwabcina dubu shida yake karɓa, ai sai su gudu.» Tsoron yana da tushe, amma a auna shi. A sabon farashi kowane saiti zai bar N4,200, don haka saiti 772 sun isa su ɗauki hidimar shekara. Ko da mutum ɗaya cikin goma ya gudu, saiti 864 za su biya komai har da albashinsa, a samu rarar N388,800. Sai masu gudun sun kusa kai ɗaya cikin biyar sannan a dawo ba ci ba faɗuwa. Iyakar wannan lissafi ita ce, ƙarin kuɗi ba ya zama sai da cika alkawari. Wanda ya biya N7,500 aka sa shi zuwa idi da tsohuwar riga, ba zai sake dawowa ba.

Tambayoyin tattaunawa

1. Wata makaranta ta kawo kwangilar yunifom saiti 300 a kan N4,500 kowanne, kuma kowanne zai ci N3,300. Farashin bai kai N6,675 ba. Shin a karɓa idan aikin ya faɗo a watan da kekuna suke zaune? Amsar za ta canza idan a tsakiyar azumi ne? A tuna haya tana tafiya ko an karɓa ko an ƙi.

2. Bayan an ƙara farashi zuwa N7,500, telolin sun nemi ƙarin N500 a kan kowane saiti. Saiti nawa shagon zai bukata a shekara yanzu? Wanne ya fi tsada, ƙarin ko rasa gwanin tela ana gab da Sallah?

3. Fetur a nan an sa shi cikin hidimar wata. Amma a watan da ake kwana ana ɗinki ya fi ƙonewa. Wane kaso nasa ya kamata a ɗora kai tsaye a kan kowane saiti?

4. Shin ya dace a sa farashin Sallah daban da na sauran lokuta, ko a caji mai ɗinkin gaggawa ƙari? Yaya za a faɗa wa tsohon kwastoma wanda tun mahaifinsa a shagon ake ɗinki?

5. Idan maƙwabcin da yake karɓar N6,000 shagon gadonsa ne, ba ya biyan haya, shin farashinsa ma'auni ne ga wanda yake biya? Shi kansa, hayar da zai samu da ya ba wani shagon, a ina take cikin lissafinsa?