Awo ya ce akwai kuɗi, aljihu ya ce babu

Idan ɗan kasuwa ya je banki neman rance, jami'in banki yakan fara da lissafi ɗaya: ya haɗa duk abin da ake sa ran zai zama kuɗi cikin shekara guda, wato tsabar kuɗi da haja da bashin da mutum yake bi, ya raba da bashin da ake binsa wanda zai biya cikin shekarar. Akantoci na kiran wannan awo karent reshiyo.

Mu ɗauki misalin wani dilan atamfa a Kantin Kwari. Yana da kaya na naira miliyan 18, yana bin 'yan sari miliyan 9, akwai miliyan 3 a banki. Jimilla miliyan 30 ke nan. Masu kawo masa kaya kuma suna binsa miliyan 15. An raba, an sami 2: duk naira ɗaya ta bashi akwai naira biyu a bayanta. A takarda, Alhaji ba shi da damuwa.

Sai dai ba a biyan bashi da turmin atamfa. Zanen da yayinsa ya wuce tun Sallar bara yana nan a lissafi, sau da yawa da farashin da aka saro shi, alhali ba zai fita ba sai an karya masa kuɗi. Shi ya sa ake da awo na biyu, kwik reshiyo, wanda yake cire haja gaba ɗaya. Saura miliyan 12, a raba da 15, an sami 0.8.

Shi ma wannan yana ruɗi, don yana ɗaukar duk bashin da ake bi tamkar kuɗi a hannu. Idan miliyan 4 daga cikin 9 ɗin nan sun wuce wata shida a hannun mutanen da suka daina ɗaga waya, ainihin awon bai wuce 0.53 ba.

Akwai kuma dabarar ƙarshen shekara. Ranar rufe littafi, Alhaji ya kwashe miliyan 3 da ke banki ya rage bashi. Dukiya ta koma 27, bashi 12, awon farko ya tashi zuwa 2.25. Alƙaluma sun ƙara kyau, asusu kuwa babu ko sisi.

Ƙaramin awo ma ba lallai ne ya nuna matsala ba. Mai gidan burodi da ke karɓar kuɗi kullum, yana biyan mai fulawa ƙarshen wata, yana iya zama ƙasa da 1 kuma ciniki na tafiya lafiya.

Kafin ka ba da kaya bashi ko ka zuba jari, nemi jerin waɗanda ake bi bashi da ranar da kowa ya karɓa, sannan ka shiga sito ka ga kayan da idonka.