Gajerun haruffan takardar asibiti: yadda za ki gano abin da suke nufi

Duk wadda ta taɓa kai yaro asibitin Cadawa, ko aka tura ta babban asibitin Maraɗi, ta san irin takardar da ake miƙo mata a ƙarshe: sunan magani, sai wasu 'yan haruffa da lambobi kamar ƙafar kaza. Ko wanda ya yi boko sau da yawa sai ya tsaya yana jujjuya ta. Tun shekarar 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, amma har yanzu da Faransanci ma'aikatan lafiya ke rubuta magani, kuma a gajarce suke rubutawa saboda layin da ke jiransu a waje.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, waɗannan haruffa ba su da ma'ana ɗaya tak. Ma'anarsu ta danganta da ƙasar da aka rubuta takardar, da irin takardar, da kuma abin da ke kusa da su.

Wannan ya fi shafar 'yan kasuwarmu masu kai aya da wake Najeriya ta Ɗan Isa da Jibiya. Mutum kan kwanta ciwo a Katsina, ya dawo gida da takardar da aka rubuta bisa tsarin Ingilishi. A can, od na nufin sau ɗaya a rana, bd sau biyu, tds sau uku. A takardar Faransanci kuwa, OD na nufin idon dama. Haka kuma idan likitan Katsina ya rubuta 5/7, kwana biyar yake nufi, ba biyar ga watan bakwai ba. 2/52 kuma mako biyu ne. Saboda haka kafin ki tambayi kowa, duba saman takardar ki ga asibitin da ya ba da ita, ki kuma faɗa wa wanda za ki tambaya.

Mu ɗauki misali. Wata mai sayar da ƙuli-ƙuli ta yi kwana biyu tana zazzaɓi, aka ɗebi jininta a yatsa, aka ba ta takardu biyu. A ta farko an rubuta GE, a gabansa alamar +. A ta biyu, ƙarƙashin sunan maganin, an rubuta: 4 cp x 2/j pdt 3 j.

Takarda ta farko daga ɗakin awo ta fito, don haka GE a nan awon jini ne na zazzaɓin cizon sauro, wanda ake ɗiga jini a kan gilashi a duba da madubin likita. Alamar + na nuna an ga ƙwayar cutar. Idan da ɗan robar gwajin gaggawa aka yi, TDR za a gani. Amma da a ce GE ɗin nan a katin ganin likita yake, a wurin da ake rubuta sunan ciwo, kuma yaro ne mai amai da zawo, to yana iya nufin ciwon ciki da hanji. Haruffan dai ba su canza ba, wurin zamansu ne ya canza.

Takarda ta biyu kuwa a bi ta gaɓa-gaɓa. Haruffan cp ƙwayar magani ce, kalmar da ke kan kwali a cike ita ce comprimé. Harafin j rana ce, pdt kuma na nufin "har tsawon". Ke nan ƙwaya huɗu, sau biyu a rana, har kwana uku.

A nan ne lissafin kasuwa zai yi miki amfani. Huɗu sau biyu takwas, takwas sau uku 24. Buɗe kwalin ki ƙirga. Idan ƙwaya 24 ce, fassararki ta yi daidai da abin da aka ba ki. Idan kuwa shida kika tarar, kada ki sha tukuna. Wannan magani yana da iri daban-daban a kasuwa, ciki har da mai 20/120, wanda babba ke shan huɗu, da mai 80/480, wanda ƙwaya ɗaya ke tsaya wa huɗun. Wadda ta sha huɗu daga mai ƙarfin ta sha ninki huɗu a lokaci guda, kuma maganin zai ƙare tun ranar farko. Duk lokacin da lissafin takarda da abin da ke cikin kwali suka saɓa, akwai kuskure, ko a karatunki ko a abin da aka sayar miki. Koma wurin mai magani.

Inda na fi jin tsoro shi ne maganin ruwa na yara. Ana rubuta càc, wato ƙaramin cokalin shayi mai cin mililita 5, ana kuma rubuta càs, babban cokali mai cin mililita 15. Harafi ɗaya ne ya raba su, ga shi kuma a rubutun gaggawa c da s kama suke yi. Uwa ta ɗauki ƙarami a matsayin babba, ta ba yaro ninki uku. Ga shi cokulan gidajenmu ba mudu ba ne, kowane da girmansa. Ki roƙi a rubuta miki adadin da ml, a kuma nuna miki layin a jikin murfin awo ko sirinjin da ya zo da kwalbar. Haka nan sp a gaban sunan magani yawanci maganin ruwa yake nufi, alhali SP da manyan baƙaƙe a katin awon ciki ƙwayoyin nan uku ne na rigakafin zazzaɓi da ake ba masu juna biyu.

A takardar awon jini, abin da ke bayan lamba shi ke fallasa haruffan. Idan kika ga Hb, sannan lamba, sannan g/dl, awon ƙarfin jini ne. Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar ƙasa da 12 a matsayin ƙarancin jini ga mace, ƙasa da 11 ga mai ciki a watanni ukun farko da na ƙarshe, ƙasa da 10.5 a watanni ukun tsakiya. A Najeriya an fi rubuta PCV da alamar %, kuma lambarsa takan kai kusan ninki uku na Hb. Wadda aka rubuta wa 30 a Katsina, aka rubuta wa 10 a Maraɗi, ba jininta ne ya zube a hanya ba, kusan abu ɗaya aka faɗa mata da ma'auni biyu. Takardun da aka buga da na'ura sukan sa iyakar lafiya a gefen dama. Da ita za ki gwada lambarki.

To wa za a tambaya? Na farko wanda ya rubuta, tun ba ki bar ɗakin ba. Ce masa, "Malam, don Allah rubuta mini wannan a cike," sannan ki maimaita masa da bakinki yadda kika fahimta. Na biyu ma'aikacin kantin magani mai lasisi, domin shi kullum cikin karanta rubutun likitocin yankin yake. Ki ba shi takardar dungurungum, kada ki kwafo masa haruffan kawai a tafin hannu. Mai tallar magani a faranti ranar kasuwa ba ya cikin wannan lissafi, shi cinikinsa yake nema.

Idan ɗanki ne zai duba a waya, kada ya rubuta haruffan su kaɗai, don GE kawai sunan wani kamfanin Amirka zai iya fito masa. Ya haɗa da `abréviation médicale` in takardar ta Nijar ce, ko `medical abbreviation` in ta Najeriya ce. Zai ga ma'anoni biyu ko uku, sai a zaɓi wadda ta dace da irin takardar da kuma ciwon da ya kai ki asibiti. Wayar ba ta ganin rubutun hannun likita, ba za ta raba miki c da s ba. Idan shakkar a kan adadin magani take, musamman na yaro ko na mai ciki, a koma asibitin da takardar da kwalbar a ranar, kafin a ba da cokalin farko.